Tuta 90 da Cokali Huɗu na Sitaci: Yadda Ake Ƙawata Aji a Ƙasar Gumel Ba Tare da Yaro Ya Ji Ciwo Ba

Ranar Alhamis babu masaka tsinke a Maigatari. Shanu da raƙuma na shigowa daga Nijar, manyan motoci na jiran lodi zuwa Kudu, buhunan riɗi da na zoɓo an jera su kamu-kamu. Idan kasuwa ta watse, abin da take bari a baya shi ne kwalayen taliya da na biskit, guntayen igiya, da tarin ƙyallaye a gindin keken kowane tela. A ƙarshen watan Satumba kuma gero ya riga ya zo gida, karansa na zube a gonaki tun daga Sule Tankarkar har Gagarawa. Malamin firamare da ke son ajinsa ya yi kyau don bikin 1 ga Oktoba, ko don Maulidi, ko walimar sauka, ko ranar rabon kyaututtuka, kusan duk abin da yake bukata yana nan kewaye da shi, kuma yawancinsa kyauta ne.

Saboda haka rashin kuɗi ba shi ne babbar matsalar kwalliyar aji a wannan yanki ba. Matsalar ita ce kayan da suka fi araha, wato kara da takarda da kaba da tsumma, su ne kuma suka fi saurin kama wuta. Hanyar da aka saba rataya su ita ce a ɗora benci kan benci, a ce yaro mafi ƙarfin hali ya hau. Abin yanka da ya fi yawa a aljihun ɗalibi kuwa reza ce. Duk wanda ya yi koyarwa ya san ihun nan na "Malam, ni zan hau!", ya kuma san yadda yake da wuya a ce a'a alhali lokaci ya ƙure kuma baƙi na tafe gobe.

Abin da ke biye aiki ne guda, daga farkonsa zuwa ƙarshensa: aji huɗu na firamare, yara 60, ɗaki mai tsawon mita 8 da faɗin mita 7, tsayin bango mita 3, ƙofa ɗaya, tagogi masu sandunan ƙarfe. Bikin shi ne na ranar samun 'yancin kai. Wanda nasa bikin daban ne sai ya sauya launi, tsarin dai ɗaya ne.

Kafin a yanka takarda ko ɗaya

Aikin farko na malami ne shi kaɗai, bayan an tashi. Ya tsaya tsakiyar ɗakin ya ɗaga kai. Silin da ya yi ciki ya sauko, ko ya yi tabon ruwa, ba a rataya masa komai, domin sau da yawa a bayansa akwai kashin jemage da ya taru shekara da shekaru, kuma ƙusa ɗaya ta isa ta zubo da shi kan yara. Tsofaffin azuzuwa da yawa silinsu na asbestos ne. Huda shi ko kankare shi na tayar da ƙurar da ke lalata huhu, don haka a bar shi yadda yake. Sannan ya bi bango da ido: ina waya ta fito tsirara, ina soket ya fashe, ina fanka take. Ko makarantar ta yi wata ba ta ga wutar lantarki ba, a ɗauki kowace waya a matsayin mai rai, musamman yanzu da ake kawo janareto ko a jona sola ranar biki don lasifika.

Bayan haka ya tura ƙofa. Tana buɗewa gaba ɗaya? Ciki take buɗewa ko waje? Wannan tambaya tana da tarihi mai ɗaci. A daren 24 ga Disamba 1924, a wata ƙaramar makarantar ƙauye mai ɗaki ɗaya da ake kira Babbs Switch a jihar Oklahoma ta Amurka, iyaye da yara sun taru don bikin Kirsimeti. Kyandir ya taɓa busasshiyar bishiyar da aka ƙawata da takardu. Tagogin an rufe su da ragar ƙarfe don maganin ɓarayi, ƙofar kuma ɗaya ce, ciki take buɗewa. Jama'a suka danno ta a ruɗe, ta ƙi buɗuwa. Mutum 36 suka mutu. Wanda ya karanta siffar ɗakin nan, ya dubi azuzuwanmu masu ƙofa ɗaya da tagogi masu ƙarfe, zai ga babu wani bambanci mai yawa.

Ba ma sai an tsallaka teku ba. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na 2021 ɗin aka sake yin irinta a Maraɗi, inda aƙalla yara 25, 'yan shekara biyar zuwa shida, suka rasa rayukansu, abin da ya sa gwamnatin Nijar ta hana sanya yara 'yan rainon makaranta a ɗakunan zana. A farkon Fabrairun 2025 kuma almajirai 17 suka ƙone a Ƙauran Namoda ta jihar Zamfara, kuma bayanan farko sun danganta wutar da tarin kara da ke ajiye a wurin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan uku da kwalliyar biki ta haddasa. Amma dukkansu sun nuna abin da busasshen kara da ciyawa ke yi idan suka haɗu da wuta a inda yara suke cunkushe, kuma malamin da ya jingina zana a bangon aji don ta ba da sha'awar gargajiya ya shigo da wannan haɗarin cikin ginin siminti da hannunsa.

Nawa ne ya isa?

Akwai ma'auni mai sauƙi da za a iya arowa. Ƙa'idar kare rayuka daga gobara ta ƙungiyar NFPA a Amurka ta ce a makarantar da ba ta da na'urar feshin ruwa a rufi, zane-zanen yara da takardun koyarwa kada su rufe fiye da kashi 20 cikin 100 na bango. Wannan ba dokar Najeriya ba ce, amma hikimarta a fili take: idan takardu sun manne da juna daga wannan kusurwa zuwa waccan, wuta na samun hanyar gudu, idan kuwa akwai fili tsakaninsu sai ta ci nata ta mutu.

A ajinmu bangon baya mita 7 ne sau 3, wato murabba'in mita 21. Kashi ɗaya cikin biyar ɗinsa ya ɗan haura murabba'in mita 4. Babban kwalin zane irin na kanti kusan sulusin murabba'in mita ne, ke nan bangon baya zai ɗauki kamar guda 12, ba fiye ba. Kuma lissafin ya haɗa har da tsofaffin jadawalolin da ke manne tun bara, da faifai, da tabarma, da duk wani abu mai ci da wuta. Sau da yawa malami zai tarar cewa kafin ya manna sabo sai ya fara sauke tsoho. Bangon da ƙofa take a bar shi fayau: babu labule, babu baka ta kara a saman ƙofa, babu igiya da ta gitta ta. Na san wannan shi ne wurin da kowa ya fi so ya ƙawata, domin nan baƙo ke fara gani. Amma nan ne kaɗai mafitar yara 60, kuma ban ga adon da ya kai wannan daraja ba. In ana son maraba da baƙi, a rubuta ta da alli a jikin bangon waje.

Tutoci 90

Ƙashin bayan kwalliyar shi ne jerin ƙananan tutoci a kan zare, layi ɗaya a kowane bangon gefe. Bangon mita 8 ne, a ƙara mita ɗaya don ɗauri da ɗan lanƙwasa, ya zama 9. Layi biyu, zare mita 18. Tuta biyar a kowace mita, jimilla 90. Tutar Najeriya, wadda Michael Taiwo Akinkunmi ya tsara a 1959, kore ce da fari da kore, kashi uku daidai da juna, don haka cikin kowane uku biyu kore ne: kore 60, fari 30. Lissafin ya faɗo daidai, kowane yaro zai rina tuta ɗaya da hannunsa, ranar biki kuma ya nuna wa mahaifiyarsa inda tasa take.

Takardar daga tsofaffin littattafan rubutu za ta fito. Kowane falle yana ba da tuta biyu, ke nan falle 45 ake nema. Fararen a ɗebo su daga shafukan bayan littafi da ba a yi rubutu a kai ba, masu rubutu kuma su tafi rini. A nan akwai tantancewar da ba a wasa da ita: duk fallen da ke da aya, ko hadisi, ko sunan Allah, a ware shi gefe. Tuta aba ce da iska ke tsinkewa ta faɗi a tattake, kuma takarda ɗaya mai aya a ƙasan aji ta isa ta ɓata tsakanin makaranta da iyaye. Saboda wannan dalilin ne, ko a bikin Maulidi ko walima, ya fi kyau a rubuta aya a kan allo ko a kwali guda mai ƙwari da za a ɗaga sama a kuma adana bayan biki, ba a kan tutocin da za su ƙare a shara ba.

Ba a bukatar reza. Yaro ya ninke fallen daga kusurwa zuwa kusurwa, ya danne ninkin da farce sau biyu, ya shafa masa ɗan ruwa da yatsa, ya ja a hankali. Takardar za ta rabu biyu a miƙe. Minti goma sun isa a koya wa aji duka, kuma wanda ya ɓata falle ɗaya bai yi asarar komai ba. Abin da dole sai an yanka, kamar kwali mai kauri, malami ya yanka tun a ofis. In akwai almakashi mai dakusasshen baki, a ƙidaya su a gaban yara lokacin rabawa, a sake ƙidayawa lokacin karɓa. Tun ranar farko kuma a ajiye gwangwani a teburin malami, duk mai rezar fiƙe fensir ya jefa tasa ciki kafin a fara.

Kore shi ne launin da ke ba da wahala, kuma a nan ne malamai da yawa ke shan kunya. Ana daka ganyen zogale ko na darbejiya a tace, a shafa wa takarda, ta yi kore shar a ranar. Bayan kwana biyu ko uku sai ta koma ruwan ƙasa, domin koren ganye ba ya jure haske da iska. Wanda ya rina ranar Litinin, ranar Alhamis zai tarar da tutocin da ba su yi kama da na kowace ƙasa ba. Shawarata ita ce a sayi kore. Kalar abinci ta gari, irin wadda masu kek da alawa ke amfani da ita, ƙulli ɗaya ko biyu sun isa tuta 60, kuma ko yaro ya kai hannu baki babu fargaba. A zuba kaɗan a rabin kofin ruwa, a gwada a falle ɗaya, a jira ya bushe kafin a yanke hukunci, saboda launi na yin haske bayan bushewa. Abin da ba a kawowa aji shi ne galurar masu rini, wadda ake haɗawa da soda mai ƙona fata, da fentin mai wanda sai an sirka shi da fetur ko kananzir.

Ba tsoma takardar ake yi ba, in an tsoma ta yagewa take. Ƙyalle ake dunƙulewa a dangwala a shafa gaba da baya, a shimfiɗa a inuwa, a ɗora tsakuwa don iska. Idan ta bushe za ta nannaɗe, sai a tara a danne da littattafai ta kwana. Yara su naɗe hannun riga, 'yan mata su ɗaure hijabi ta baya, domin kalar na kama farin yadi, kuma uwar da ta wanke yunifom ranar Lahadi ba za ta ji daɗin ganinsa da kore ranar Talata ba.

Zoɓo kuwa, wanda wannan yanki ke nomawa har a fitar da shi ƙasashen waje, yana da nasa wurin. Tafin hannu ɗaya a jiƙa a ruwan zafi ya yi kauri, ya zama tawadar yi wa kwalaye ado a gefe. Ja ne a kofi, amma a takarda yakan juye zuwa shuni-shuni idan ya bushe. A ɗiga masa lemon tsami ya koma ja mai haske, a ɗiga ruwan kanwa ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Yara na son ganin wannan ƙwarai, kuma darasin kimiyya ne na tsami da kanwa da ya zo har gida. Sai dai koren nan ba na tuta ba ne, kada a dogara da shi. Ga baƙi kuma akwai tawadar allo ta gawayi da ƙaro, wadda kusan kowane yaro a ajin ya san ta tun daga makarantar allo.

Wani abu da ido ba ya kaiwa: mazubin da ake dama kala a ciki. Ƙarshen damina lokaci ne da robobin maganin feshi ke yashe a ko'ina, kuma yaron da aka ce ya zo da roba daga gida yana iya ɗauko ɗaya. Wanki ba ya fitar da dafin da ke jikinsu. Haka buhun da aka adana wake a ciki da maganin ƙwari. Malami ya karɓi kowace roba da kowane buhu da hannunsa, ya duba rubutun jiki, ya sansana. Wadda bai san asalinta ba ya ajiye ta gefe. Gwangwanin madara da robar man shafawa da aka wanke sun wadatar.

Manni

Sitacin rogo na guga shi ne gam mafi araha kuma mafi aminci. Cokali huɗu na cin abinci, a dama da ɗan ruwan sanyi har gudaji su mutu, sannan a kwarara tafasasshen ruwa kamar rabin lita ana juyawa, yadda ake dama koko. Zai tashi daga fari ya koma garai-garai mai yauƙi. In ya tsaya fari tsululu, ruwan bai tafasa ba, sai a mayar wuta kaɗan. In ya daskare ya ƙi shafuwa, a ƙara ruwan ɗumi. A gida ake dama shi, a kawo shi a huce. Tafasasshen ruwa ba ya shiga aji. Rabin litar nan ta ishi tutoci 90 har da saura.

Yana da iyakarsa. Kwana biyu yake yi ya fara tsami, warin ne zai gaya maka, don haka a dama na ranar kawai. In an cika shi takarda na yamutsewa, kuma a damshin ƙarshen damina yana daɗewa bai bushe ba. Sannan abinci ne ga kyankyaso da gara da ɓera, wanda shi ma dalili ne na kada kwalliya ta daɗe a bango. Inda ake samun ƙaro, a jiƙa kashi ɗaya a ruwa kashi biyu ya kwana, a tace. Ya fi sitaci kama kwali da ƙyalle. Gam mai kama fata nan take ba na hannun yara ba ne, ɗigo ɗaya a ido sai asibiti. Sholisho kuwa, kowa ya san abin da ake yi da shi a bayan tasha, bai kamata a ji warinsa a harabar makaranta ba ko da sunan aiki.

Ana shimfiɗa zaren a kan benci a ƙasa, yara su zauna a jere. Kowa ya ninke saman tutarsa faɗin yatsa biyu a kan zaren, ya shafa sitaci, ya danne ya ƙirga zuwa ashirin. Kore, fari, kore, a bar tazara, a sake. Zaren ya zama na auduga ko na saƙa, wanda in an ja da ƙarfi zai tsinke. Zaren roba mai ƙarfi irin na masu gyaran takalmi ko na kamun kifi yana yanka wuya idan ya sauko yaro ya shige shi da gudu.

Hawa sama

Doka ɗaya ce a nan: ƙafar ɗalibi ba ta barin ƙasa. Duk abin da yara za su manna da kansu ya tsaya inda hannunsu ke kaiwa a tsaye, wanda dama nan ne idonsu ke kaiwa. Abin da ya wuce haka aikin babba ne, kuma shi ma babban ba kan bencin da ke rawa ba. A ari tsani wurin kafinta ko mai gyaran wuta, wani babba ya riƙe, a fitar da yara waje tukuna.

Hanyar da ta fi ita ce a yi hawan sau ɗaya tak. A buga ƙusa uku a kowane bangon gefe, biyu a ƙarshe ɗaya a tsakiya, a tsayin da ya ɗan haura mita biyu, a lanƙwasa kansu sama su zama ƙugiya. Daga ranar, duk bikin da ya zo, sai a ɗaure madauki a zare, a ɗaga shi da gora mai baki biyu a saƙala daga ƙasa. Wannan aikin rabin awa ne ga kafinta, kuma irin abin da kwamitin SBMC zai iya yi wa dukkan azuzuwa a yini ɗaya. Zaren ya bi bango, kada ya ratsa tsakiyar ɗaki inda fanka take, kada kuma ya kusanci ƙwan lantarki ko waya.

Fil da allura da ƙananan ƙusoshin manna takarda a bar su a ofis. Yaron da hannayensa biyu ke riƙe da kwali, a baki yake sa fil, kuma dariya ɗaya ko tari ɗaya ke tura shi maƙogwaro. Wanda ya faɗi ƙasa kuma yana jiran mai silifa ko marar takalmi. Balan-balan ma haka: a Turai da Amurka doka ta sa a rubuta gargaɗi a jikin fakitinsa cewa yana iya shaƙe yaron da bai kai shekara 8 ba, ko wanda ba a hura ba ko guntun wanda ya fashe. 'Yan aji huɗu sun wuce waɗannan shekarun, amma ranar biki ƙannensu na shigowa, kuma su ne ke tsintar guntayen suna tsotsa. Ga shi a zafin Maigatari ba ya kai azahar bai fashe ba. Kuɗinsa ya fi amfani a wurin alli mai launi.

Kara, faifai da abin da ba ya ƙonewa

Ba cewa ake a kori kara gaba ɗaya ba. Yaran karkara gwanaye ne wajen ƙera mota da jirgi da tabarau da totuwar kara, kuma tebur ɗaya a kusurwar da ta fi nisa da ƙofa, ɗauke da irin waɗannan, yakan fi komai jan hankalin baƙi. Sharaɗin shi ne kaɗan, kuma a sarrafe. Dami ba ya kwana a aji. A zazzage karan a fili tukuna, domin kunama na son ƙarƙashinsa, a kakkaɓe ƙaiƙayi saboda ido da masu asma. Ɓawon kara yana da kaifi, yana tsaga yatsa ba a ankara ba, don haka manyan yara su ɓare, a kuma tanadi ruwa da sabulu da filasta. Yankan da ya yi zurfi, ko na tsatsar ƙusa, a kai yaro asibitin sha-ka-tafi a duba batun allurar sarƙe-haƙora. Kaba ma a fere ƙayar gindinta kafin ta shiga hannun yara.

Faya-fayai masu launi da ƙore masu zane aro ake yi wurin iyaye mata, a rubuta sunan mai shi a baya, a mayar bayan biki. Shida ko takwas sun isa, kuma suna cikin lissafin kashi ɗaya cikin biyar.

Adon da ya fi kowanne kwanciyar hankali shi ne wanda ba ya kama wuta sam, wato zane a kan allo. A jiƙa alli mai launi cikin ruwa na ɗan lokaci kafin a yi zane. Zai fito dishi-dishi da farko, in ya bushe sai ya yi haske ya kuma kama. A tsakiya a zana tuta, tsawonta ninki biyu na faɗinta. A gefe a yi dagi, da irin zayyanar da ake yi wa allon mai sauka, da taswirar Jigawa a nuna ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, a rubuta 1960 da 1991, shekarar 'yancin kai da shekarar da aka ƙirƙiro jihar. Irin wannan zane yana kuma kauce wa saɓanin da hotunan masu rai kan jawo da wasu iyaye.

Abin da aka saya ke nan guda huɗu: sitaci, kalar kore, zare da ƙusa, sai alli in makaranta ba ta da mai launi. Wannan bai kai a aza wa yara kuɗi ba, kuma bai halatta ba ma, tunda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare a makarantun gwamnati kyauta ne. Yaron da aka ce ya kawo kuɗin kwalliya bai samu ba, gida yake zama ranar bikin. Haka kuma kada a tura yara kasuwar Alhamis tsintar kwali a tsakanin shanu da tireloli. Malami ko wani ɗan kwamiti ya yi magana da mai kanti ɗaya ko biyu da tela ɗaya, su tara masa, ya ɗauko da yamma.

Ranar biki da washegarinta

Yawancin haɗarin ranar biki ba yara ke kawo shi ba, manya ne, kuma da kyakkyawar niyya. Malama ta shigo da kaskon turaren wuta don ɗaki ya yi ƙamshi kafin baƙi su zo, ta ajiye shi a gindin bangon da ke cike da takarda. Wani ya kawo kyandir. Wani ya ja wayar janareto ta taga ta bi ta kan tutoci. A hana duka ukun tun da wuri, a faɗa a taron malamai don kada ya zama cin fuska a gaban jama'a. In ana son ƙamshi a turara ɗakin da sassafe kafin yara su shigo, babba na tsaye a kai, a fitar da kaskon a kashe garwashin da ruwa. Hijabai da yunifom na yadin roba narkewa suke su manne da fata, shi ya sa ko tartsatsi ba abin rainawa ba ne. A binciki aljihu saboda ashana da abin fashewar nan na wasan yara.

A ajiye bokitin ruwa da na yashi a waje daf da ƙofa, ba a bakinta ba. Ƙofa ta kasance a buɗe, a tokare, muddin akwai mutum a ciki. A bar hanya tsakanin bencina wadda mutum biyu za su wuce kafaɗa da kafaɗa. Idan iyaye sun fi ƙarfin ɗakin, a fitar da taron gindin bishiya, a riƙa shigowa kallon aji rukuni-rukuni. Kwana ɗaya kafin bikin a gwada fita: malami ya tafa, layi na kusa da ƙofa ya fara, babu gudu, babu komawa ɗaukar jaka, a taru a wuri ɗaya a kira suna. A gaya musu wanda wuta ta kama rigarsa ya tsaya, ya kwanta, ya yi birgima, kuma ƙuna ruwa mai sanyi ake kwarara mata na kamar minti 20, ba manja ko ƙwai ko man goge baki ba.

Sai saukewa, wanda shi aka fi mantawa. Tutocin Oktoba kan zauna a bango har hunturu ya shigo, su bushe ƙayau, ƙura ta lulluɓe su, zare ya saki ya sauko daidai wuyan yara, a daidai watannin da gobara ta fi yawa. A sa ranar saukewa tun ranar da aka sa ta ratayawa, kada ta wuce mako guda bayan biki. A sauke da gorar da aka rataya, a naɗe masu kyau a kwali a kai ofis don baɗi, a mayar da faya-fayan mutane, malami ya kwashe sauran da kansa ba tare da ya sa yara cinna wa shara wuta ba.

Ga shugabannin makarantu da 'yan kwamitin SBMC na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar: kafin biki na gaba, ku zaga azuzuwanku tare da kafinta. A buga ƙugiyoyi shida a kowane aji, a gyara duk ƙofar da ke cijewa, wadda ke buɗewa ciki kuma a juya ta ta riƙa buɗewa waje.